Minti arba'in da biyar da kod ɗin da ba naka ba

A wasu kamfanonin fasaha, mai neman aikin rubuta manhaja ba ya tsallake ganawa sai ya bi ta wani zagaye da ake kira zagayen farautar kuskure. Ana miƙa masa manhajar da wasu suka rubuta, mai fayiloli da dama da bai taɓa gani ba, a ce masa akwai matsala a ciki, ya nemo ta ya gyara cikin minti arba'in da biyar ko awa ɗaya. Kamfanin Stripe, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, ya yi suna da irin wannan zagaye, wanda ake kira Bug Squash. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: yawancin ranakun mai wannan sana'a suna ƙarewa ne wajen karanta aikin wasu da gyara shi.

Abin da ya fi kayar da mutane a nan shi ne su fara karanta kod ɗin daga farko, fayil bayan fayil, da fatan idonsu zai faɗa kan kuskuren. Lokaci ba zai isa ba. Wanda ya iya aikin yakan fara da sa matsalar ta bayyana a gabansa, sannan ya yi ta rage wuraren da za ta iya ɓuya har su koma layi ɗaya.

Mu ɗauki misali. An ba ka manhajar kantin intanet da aka rubuta da harshen Python, tare da gwaje-gwaje arba'in, wato ƙananan umarni da ke duba ko manhajar tana ba da amsar da ta dace. Ka kunna su duka da umarnin `pytest`, sai guda ɗaya mai suna `test_total` ya faɗi da wannan saƙo:

```
assert 2300 == 1500
```

Ma'anarsa, an sa ran kuɗin kayan da ke cikin kwandon mai saye zai kama 1500, amma manhajar ta ce 2300. A tsaya a karanta saƙon nan da kyau, domin gaggawa kan sa mutum ya wuce shi alhali rabin amsar tana ciki. Bambancin lambobin biyu 800 ne cif. Da kuskuren na lissafin haraji ne ko na ragi, da wuya bambancin ya fito dunƙule haka. Ya fi kama da kuɗin wani kaya guda da ya shigo kwandon ba a gayyace shi ba. Wannan zato ne kawai tukuna, amma zato ne da za a iya gwadawa cikin daƙiƙa goma, kuma irinsa ake so.

Mataki na gaba shi ne a kunna gwajin da ya faɗi shi kaɗai:

```
pytest -k test_total
```

Sai ga shi ya wuce lafiya! A nan ne zuciyar wasu ke tsinkewa, su ɗauka matsalar mai zuwa da tafiya ce. Alhali babu labarin da ya fi wannan amfani. Gwajin da ke wucewa shi kaɗai amma ya faɗi cikin 'yan uwansa yana nuna cewa wani gwaji da ya gabace shi ya bar wani abu a baya. Ke nan sashen da ke tara kuɗi, wanda kowa zai fara zargi tun da can ne lambar banza ta fito, ba shi da laifi. Daidai yake lissafinsa, kayan da aka ba shi ne suka yi yawa.

To wane gwaji ne ya bar saura? Hanyar da ba ta ƙarya ita ce rabawa biyu, kamar yadda mai gyaran wuta ke neman inda waya ta tsinke: ya gwada tsakiya, ya san ɓangaren da matsalar take, ya sake raba wannan ɓangaren. A kunna rabin gwaje-gwajen tare da `test_total`. In ya faɗi, mai laifin yana cikin rabin nan, in kuma ya wuce, yana ɗaya rabin. Cikin arba'in, zagaye shida ya isa. Da wannan dabara umarnin `git bisect` ke gano canjin da ya ɓata manhaja, inda canje-canje dubu ba sa buƙatar fiye da gwaji goma, muddin an san wani tsohon zubi da yake aiki daidai. Amma a misalinmu akwai gajeriyar hanya, tun da muna riƙe da lamba 800:

```
grep -rn "800" tests/
```

Wannan yana lalubo duk layin da 800 ta fito a cikin gwaje-gwajen. Sai a tarar da wani gwaji na baya da ke saka kaya mai kuɗi 800 ta hanyar kiran `add_item`. Yanzu ne lokacin karanta kod ya yi, kuma layi uku ne kacal:

```python
def add_item(item, cart=[]):
    cart.append(item)
    return cart
```

Marubucin yana nufin cewa duk wanda bai kawo kwandonsa ba a ba shi sabo, fanko. Sai dai Python tana ƙirƙirar wannan `[]` sau ɗaya ne tak, a lokacin da ta fara karanta layin `def`. Duk kiran da ya biyo baya ba tare da kwando ba, tsohon kwandon nan guda ake miƙa masa, da duk abin da na gabansa ya zuba a ciki. A kanti na gaske, kayan wani za su iya hawa kan lissafin wani.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar. A sa `print(cart)` a farkon aikin, a kunna gwaje-gwajen biyu da `pytest -s` don abin da aka buga ya fito a allo. In aka ga kayan 800 zaune a kwandon da ya kamata ya zama fanko, zato ya zama sani. Ina ganin wannan mataki ne ke raba gwani da mai sa'a, kuma shi ne aka fi tsallakewa idan agogo ya matsa. Gyaran kansa ɗan kaɗan ne:

```python
def add_item(item, cart=None):
    if cart is None:
        cart = []
```

Sauran layukan biyu suna nan yadda suke. A lura an rubuta `is None`. Da an rubuta `if not cart`, to wanda ya kawo nasa kwandon fanko ma za a musanya masa da wani, a haifi sabuwar matsala wajen kashe tsohuwa.

Akwai gyaran ƙarya da ke jan hankali sosai a minti na talatin: a share kwandon a farkon gwajin, ko a mayar da 1500 ta koma 2300. Gwajin zai wuce, matsalar kuma tana nan daram tana jiran masu saye. Mai ganawa yana ganin wannan nan take. Haka ma canza abu uku a lokaci guda, domin ko an dace, ba a san wanne ya yi aiki ba.

Duk tsawon aikin, a riƙa magana a fili. "Ya wuce shi kaɗai, don haka ina zargin wani gwaji ya bar saura, bari in nemi 800." Mai ganawar ba ya ganin abin da ke cikin kai, kuma idan ya ji hanyar da aka ɗauka, yakan iya cewa a bar wancan fayil, ba can ba ne. Tambayarsa yadda manhajar ya kamata ta yi aiki ba gazawa ba ce. In zato ya ci minti biyar bai haifar da hujja ba, a ajiye shi a koma kan saƙon farko.

Bayan gyara, a cire `print` ɗin, a sake kunna gwaje-gwaje arba'in ɗin duka, sannan a nemi `=[]` da `={}` a sauran layukan `def`, don wanda ya yi wannan kuskure sau ɗaya mai yiwuwa ya maimaita shi. In kuwa lokaci ya ƙare ba a kai ga gyara ba, a faɗi abin da aka tabbatar: sashen tara kuɗi lafiyarsa ƙalau, kaya na 800 yana tsallakowa daga gwajin baya, kuma wurin da za a duba na gaba shi ne `add_item`.