Gidan da kowa sunansa ya fara da "Ha"

Yau da marubuta muke magana, musamman masu sakin labari kashi-kashi a waya.

Mu ɗauki misali. Labari ne na wani gida a Rafindadi, cikin birnin Katsina, daga 1965 zuwa yau. Marubuciya ta jera mutanenta: kaka Hajiya Hafsat, ɗanta Haruna, matarsa Hauwa, 'ya'yansu Hafiz, Hanifa da Hanan. Kowane suna mai kyau ne. Amma wanda ke karatu a waya ba ya bin suna harafi-harafi, farkonsa yake kallo da tsawonsa ya wuce. Kafin kashi na uku za ka ga ana tambaya a ƙasa: wai Hanifa ce aka yi wa baiko ko Hanan? Da ka ga wannan tambayar, to sunayen ne suka cakuɗe.

Mu fara da kakar. Matar da ta yi aure a 1965, ko da Hafsatu aka raɗa mata, da wuya a ji ana kiranta da shi. Mutanen wancan lokacin laƙabi ne ke binsu. In ranar Alhamis aka haife ta, Lami ce. In ta biyo bayan maza, Kande ko Delu. Kun ga riba biyu ke nan: sunan ya fita daga layin "Ha", kuma da an ce Hajiya Delu mai karatu ya san tsohuwa ce, ya san ta tashi tsakanin yayye maza, ba sai ka ɓata shafi kana bayani ba. Amma a kula, laƙabin nan alƙawari ne. In ka kira mutum Gambo, mai karatun da ya san al'ada zai jira ya ga tagwayen da ya biyo. In ka ce Tanko, sai an ga yayye mata.

Sai ɗanta. A nan ne garin ke shigowa. Ɗan fari mai suna Muhammadu Auwal, a Katsina Lawal za ka fi ji, a Kano Lawan, a wajen Zamfara da Sakkwato Lawali. Harafi ɗaya ne, amma Bakatsine zai ji shi nan take. Haka Mannir, Sada da Iro, duk suna da ƙamshin Katsina. In kuma gidan na da jinin Fulani, akwai Dikko, sunan da ake ba ɗan fari, wanda Sarki Muhammadu Dikko da ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944 ya sa ya zauna daram a kunnen mutanen garin. To Haruna ya koma Lawal. Hauwa mu bar ta, tunda yanzu ita kaɗai ta rage a manya mai "Ha".

Yaran fa? Hanan ta dace da yarinyar da aka haifa bayan 2000, amma ka sa ta a 1965 ka ga yadda za ta yi banbaraƙwai. Matsalarta ɗaya, tana karo da Hauwa da Hanifa. A nan al'ada ta riga ta yi mana aikin. Gidajenmu cike suke da suna ɗaya da ake maimaitawa, shi ya sa ake sakaya shi: yarinyar da ta ci sunan kakarta sai a ce Ummi ko Walida, yaron da ya ci sunan kakansa a ce Abba. Sai Hanifa ta zama Ummi, Hafiz ya zama Abba, ƙaramar kuma a ba ta Ilham. Yanzu karanta da ƙarfi: Delu, Lawal, Hauwa, Abba, Ummi, Ilham. Babu biyun da suka fara da sauti ɗaya.

Batun hali kuwa, ni dai ba na son a sa wa mugu suna mai tallata muguntarsa, don ya tona labarin tun kafin a fara. Dubi Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Katsina, aka buga a 1934. Alhaji Imam da Malam Zurƙe kullum suna tare suna yi wa juna tsiya, amma ba wanda ya taɓa rikita su. Ɗaya suna ne mai natsuwa, ɗayan tun daga furta shi ka ji mutum mai rigima, alhali sunan bai ce komai a fili ba.

Wani tarkon kuma rubutu ne ke haifar da shi. Ba ma rubuta karin sauti, don haka Baba mahaifi da Baba 'yar'uwar uwa ko uba duk abu ɗaya ne a shafi, ko da yake a baki sun bambanta. In duka biyun suna cikin gidan Lawal, bar masa Baba, ita kuma a kira ta Gwaggo ko Inna.