Dokar Wace Ƙasa Za Ta Raba Gardama?

Ɗan kasuwar Kano da takwaransa na Maraɗi suna ciniki da harshe ɗaya, amma dokokinsu biyu ne. Nijar tana cikin tsarin OHADA na ƙasashen da akasarinsu ke amfani da Faransanci, Nijeriya kuwa ta gaji tsarin shari'ar Ingila. Idan kaya suka iso a lalace, dokar wa za a bi? Shi ya sa lauyoyi ke sa sharaɗi a takardar yarjejeniya mai faɗin dokar ƙasar da za ta yi hukunci. Idan aka yi shiru, alƙali ne zai zaɓa, ta hanyar duba ƙasar da cinikin ya fi alaƙa da ita. A kula, zaɓen doka daban, zaɓen kotun da za ta ji ƙara daban. Kowanne sai an rubuta shi.

'Yancin zaɓen yana da faɗi. A shari'ar Vita Food ta 1939, kifi ne aka ɗauko daga Newfoundland zuwa New York, amma takardar ta ce dokar Ingila za a bi. Kotu ta amince, muddin an yi zaɓen da zuciya ɗaya, bai saɓa doka ba, kuma bai ci karo da maslahar jama'a ba.

Inda igiyar ta ƙare ya fito fili a shari'ar Ralli Brothers ta 1920. Kamfanin ya yi hayar jirgin ruwan wasu 'yan Sifen domin kai rama daga Kalkata zuwa Barcelona, a kan fam 50 kowane tan. Rabin kuɗin a biya a Landan, rabin kuma a Barcelona idan kaya sun sauka. Dokar Ingila ce ke kan yarjejeniyar. Sai dai kafin jirgin ya isa, gwamnatin Sifen ta riga ta haramta biyan kuɗin dako fiye da peseta 875 a kan tan ɗaya na rama, kuma kuɗin da aka shirya ya zarce haka. Masu jirgi suka nemi cikon kuɗinsu, suna cewa ai dokar Ingila ba ta san wannan ƙayyadewa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ƙi. Dalilinta shi ne ba za ta tilasta wa mutum ya aikata abin da yake laifi a wurin da aka ce ya aikata shi ba.

A ganina nan ne 'yan kasuwa suka fi yin sakaci. Sukan yi ja-in-ja a kan sharaɗin doka, su manta da inda za a biya kuɗi da inda za a sauke kaya. Dokokin canjin kuɗi, na kwastan da na haramta shigo da wasu kayayyaki ba sa jiran amincewar kowa. Duk dokar da ɗan Kano da ɗan Maraɗi suka zaɓa, ba za ta buɗe wa motarsu hanya a Jibiya ba idan kayan na cikin waɗanda Nijeriya ta hana shigowa da su.