Yadda Ake Gyara Bidiyon Allon Kwamfuta Don Koyarwa

A wannan zangon an koya mana Excel a darasin kwamfuta, amma kwamfutocin ba su kai yawanmu ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta sai dai a zana mana a allo da alli. Shi ya sa na ari laftof ɗin yayana a gida, na ɗauki bidiyon yadda ake haɗa maki, don waɗanda ba su samu taɓawa ba su kalla a wayar iyayensu kafin jarrabawa. Bidiyon farko da na yi bai amfani kowa ba. Wata ƙawata ta kalla ta ce tana jin muryata, amma ba ta ganin abin da nake dannawa. Daga nan na gane ɗaukar bidiyon shi ne ƙaramin aiki, gyaran shi ne babba.

Ga abin da na so in koyar. A layi na biyu na sa makin gwajin farko 15 a B2, gwaji na biyu 12 a C2, jarrabawa 48 a D2. Makin na ƙirƙira ne, don bai kamata a nuna wa duniya makin wani ɗalibi ba. A E2 sai a rubuta wannan:

```
=SUM(B2:D2)
```

Amsa ta fito 75. Na ɗauki bidiyon da abin da yake cikin Windows tun asali, wato ka buɗe Excel ka danna `Win + Alt + R`, idan ka gama ka sake danna su. Gyara kuma na yi shi da Shotcut, manhaja ce ta kyauta kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Gyaran iri uku ne: yanke kuskure, matso da hoto kusa, da haskaka wurin da ake so a kalla. Kuma a haka za a jera su, ba a fara da na ƙarshe. Zan faɗi dalili a gaba, don na sha wahalarsa.

Yanke kuskure yana farawa tun lokacin ɗauka. Idan ka yi tuntuɓen harshe ko ka danna inda bai dace ba, kada ka tsayar da ɗaukar ka koma farko. Ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka gyara abin da ka ɓata da `Ctrl + Z`, ka mayar da kibiyar linzami inda take kafin kuskuren, ka yi shiru kamar daƙiƙa biyu, sannan ka maimaita jimlar daga farkonta. Amfanin tafin shi ne, idan ka sa bidiyon a Shotcut za ka ga zanen sauti a jikinsa kamar ƙananan tsaunuka, tafin kuma yana fitowa dogo siriri ya fi sauran. Ba sai ka saurari komai ba, da ido za ka gano inda kurakuran suke.

Idan ka gano wurin, ka kai layin da ke nuna inda kake zuwa farkon jimlar da ta lalace, ka danna `S`, bidiyon zai rabu biyu. Ka je ƙarshen shirun nan ka sake danna `S`. Yanzu ɓarnar ta zama guntu ɗaya a tsakiya. Ka zaɓe shi ka danna `X`. Ku lura da wannan: `X` yana cire guntun ya jawo na baya ya cike gurbin, shi kuwa `Z` yana cirewa ya bar rami. Idan ka kalli bidiyonka ka ga ya yi baƙi na ɗan lokaci babu sauti, to `Z` ka danna.

Yankan da bai yi kyau ba yana da alamomi. Ko dai kibiya ta yi tsalle daga gefe zuwa gefe kamar fara, ko a ga rubutu ya bayyana a cikin akwati ba a ga lokacin da aka rubuta shi ba, ko a ji an datse rabin kalma. Na farko da na biyu daga wajen ɗauka suke, shi ya sa na ce a mayar da komai yadda yake kafin a ci gaba. Na uku kuwa ana gyara shi a hankali. Bidiyona yana da hoto 30 a kowace daƙiƙa, kuma maɓallan kibiyar hagu da dama suna matsar da kai hoto ɗaya-ɗaya, don haka za ka iya tsayawa daidai inda shiru yake ka yanka a nan. Amma kada ka yanke duk shiru. Na taɓa yin haka, sai na ji kaina ina zuba kamar mai tallar magani a kasuwa. Mai koyo yana buƙatar ɗan lokaci ya ga abin da ya faru bayan an danna `Enter`.

Akwai kuskure ɗaya da ban yanke ba da gangan. A karon farko na rubuta `=SUM(B2,D2)`, wato na sa waƙafi a maimakon ɗigo biyu. Excel bai ce komai ba, sai ya ba ni 63. Dalili kuwa, ɗigo biyu yana nufin daga B2 har zuwa D2, shi kuwa waƙafi yana nufin B2 da D2 kaɗai, an tsallake 12 ɗin da ke C2. A ganina irin wannan kuskuren ya fi amfani a bar shi a yi bayaninsa, don duk wanda zai gwada zai iya faɗawa ciki. Wanda ake yankewa shi ne tari, da neman maɓalli, da lokacin da ƙanena ya shigo yana kirana. Bidiyon da na ɗauka ya kusa minti bakwai, bayan yanka ya dawo minti biyu da 'yan daƙiƙai.

Sai matso da hoto. Bambancin ɗigo biyu da waƙafi ƙanƙane ne ko a laftof, balle a waya. Dole a matso da wurin. A Shotcut ana zaɓar guntun bidiyon, a shiga `Filters`, a ƙara `Size, Position & Rotate`. A ciki akwai `Zoom`, yana kan 100%. Idan ka ɗaga shi kawai, guntun duka zai zama babba daga farko har ƙarshe. Idan kana so ya matso a hankali ya koma, sai ka yi amfani da `Keyframes`. Su kamar turaku ne da kake kafawa a kan lokaci, kana ce wa manhajar a nan girman kaza ne, a can kaza ne, ita kuma ta cike tsakani da kanta.

Turaku huɗu ake buƙata, ba biyu ba. Na farko yana kan 100%. Bayan rabin daƙiƙa, wato hoto 15, ka kafa na biyu a kan 150%, ka ja hoton har akwatin E2 ya zo tsakiya. Na uku shi ma 150% ne a wuri ɗaya, ana kafa shi inda ka gama rubuta lissafin. Na huɗu ya mayar da shi 100% bayan wani rabin daƙiƙar. Ni da farko na manta na uku. Sakamakon haka hoton ya matso, nan take ya fara ja da baya a hankali duk tsawon lokacin da nake rubutu, har mai kallo ya ji jiri. Kuma a fara matsowa kafin a danna, ba bayan an danna ba, don idon mai kallo ya riga kibiya isa wurin.

Matsowa tana da iyaka, kuma lissafi ne mai sauƙi. Hoton allo ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Allon laftof ɗinmu yana da 1366 a kwance, 768 a tsaye. Idan na kai 200%, rabin faɗi da rabin tsawo kawai nake nunawa, wato 683 da 384, an shimfiɗa su su cika allo. Manhajar ba ta ƙaro sabon abu ba, miƙa wanda yake nan ta yi, shi ya sa haruffa suke yin dishi-dishi. Wanda allonsa 1920 da 1080 ne, a 200% yana da sauran 960 da 540, nasa zai fi fitowa. Maganin da na samu shi ne in ƙara girman komai tun kafin in ɗauka. A Excel, idan ka riƙe `Ctrl` ka murza tayar linzami, akwatunan suna girma, kuma rubutun yana nan tsaf don ba hoto ba ne tukuna. Da na yi haka, 150% ya ishe ni wajen gyara. Wuri biyu kawai na matso a bidiyon duka: wajen rubuta lissafin, da wajen ɗan ƙaramin murabba'in da ke kusurwar akwati, inda kibiya take komawa siririyar alamar tarawa baƙa, a ja ta ƙasa lissafin ya sauka a sauran layuka.

Haskakawa ita ce ta ƙarshe. Ita ma rabinta kafin ɗauka ake yi. A saitin linzami na Windows ana iya ƙara wa kibiya girma, kuma a `Pointer Options` akwai wani zaɓi da idan ka kunna shi, duk lokacin da ka danna `Ctrl` ka saki, zobe zai bayyana a kewayen kibiyar. Ka fara gwada ɗaukar daƙiƙa goma ka duba ko zoben ya fito a bidiyon kafin ka dogara da shi. Idan kuma akwati kake so ka haskaka, sai ka ƙara wani layin bidiyo a saman na farko, ka ɗora `Color` ruwan ɗorawa, ka rage girmansa daidai da akwatin, ka sa masa `Opacity` ka sauke shi zuwa kamar 30% don a riƙa ganin lambar da ke ƙasa. Daƙiƙa uku ta isa, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Ga wahalar da na ce na sha. Na fara ɗora launukan nan guda biyar, sannan na tuna akwai wani tari a farkon bidiyon, na yanke daƙiƙa huɗu da `X`. Layin ƙasa ya matsa baya, na sama bai motsa ba, sai kowane launi ya riƙa fitowa bayan na wuce wurin da daƙiƙa huɗu. Akwai `Ripple All Tracks` da yake sa layukan su matsa tare, amma ban san shi ba a lokacin. Haka kuma launin ba ya bin matsowar hoto, don a layinsa daban yake, idan ka canza `Zoom` daga baya zai koma kan wani akwatin. Sai da na sake jera su ɗaya bayan ɗaya har aka kira sallar isha'i.

Bayan na fitar da bidiyon ta `Export`, na tura shi wayar Umma na kalla a can, na miƙa wa ƙanena da ke aji shida na ce ya karanta mini abin da ke cikin E2. Ya karanta har da ɗigo biyun. Duk mai son kwafi ya same ni ranar Laraba bayan an tashi daga taron kulob, ya zo da filashi.