Wasiƙar godiyar jika ga kaka: inda gyaran babba ya kamata ya tsaya

A ce kaka tana Katsina, ta aiko wa jikarta 'yar shekara 7 da ke Kaduna atamfa da takalmin Sallah. Iyaye sun kira waya sun yi godiya, amma uwar tana so yarinyar ma ta rubuta 'yar takarda da hannunta a ba mai tafiya ya kai. Aikin bai fi layi biyar ba, sai dai a wurin gyaran ne manya suke ɓata shi.

Kafin yarinya ta ɗauki fensir, a yi mata tambayoyi da baki: me Kaka ta aiko miki? Me kika yi da shi? Amsoshinta su ne wasiƙar. Yaron da aka ce masa "rubuta godiya" kawai, zai rubuta "na gode" ya tsaya yana kallon takarda. Wanda aka tambaye shi kuwa, zai faɗi abin da babba ba zai taɓa tunawa ba. Ga irin abin da 'yar aji biyu za ta iya rubutawa:

"Kaka inakwana. Nagode da atamfa. Andinka min riga da zani. Takalmin yamin yawa a kafa amma nasa auduga. Kizo kiga kishiyarki tafiki kyau."

Uba mai son burgewa zai karɓi wannan ya mayar da shi: "Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne in nuna matuƙar farin cikina bisa karamcin da kika yi mini." Hausar ba ta da aibi, amma da an karanta wa tsohuwa za ta gane ba jikarta ce ke magana ba. Atamfar ta ɓace, audugar cikin takalmi ta ɓace, tsokanar ma ta ɓace.

Gyaran da ya dace bai wuce na ƙa'idar rubutu ba. Na farko shi ne raba kalmomi, domin yara suna rubuta magana yadda take fita daga baki: "nagode" ya koma "na gode", "kizo" ya koma "ki zo". Sai haruffa masu lanƙwasa, a mayar da "dinka" zuwa "ɗinka", "kafa" zuwa "ƙafa". Daga nan a duba gaisuwa. "Ina kwana" ta safe ce, takarda kuwa ba a san lokacin da za ta isa ba, don haka "ina gaishe ki" ta fi. A ƙarshe babba zai iya tuna wa yarinya ta ƙara addu'a ɗaya, tunda a wurin Bahaushe godiya ba ta cika sai da ita. Bayan gyara, wasiƙar ta zama haka:

"Kaka, ina gaishe ki. Na gode da atamfa da takalmi. An ɗinka mini riga da zani. Takalmin ya yi mini yawa a ƙafa, amma na sa auduga. Ki zo ki ga kishiyarki ta fi ki kyau. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ni ce jikarki."

Wani zai so a goge maganar takalmi don kada Kaka ta ji kamar raini ne. A ganina a bar ta. Ita ce shaidar cewa yarinya ta sa kayan, kuma tsofaffi da gangan suke sayo wa yaro abin da ya ɗan fi shi don ya girma a ciki. Maganar kishiya ma haka: tsakanin jika da kaka akwai wasa, kaka mace takan kira jikarta kishiya, jikanta namiji kuma mai gida. Abin da zai zama rashin kunya in an faɗa wa uwa, ga kaka abin dariya ne. Amma ba kowane gida ke yin wannan wasa ba, kuma wasu kakannin an fi yi musu "ku" maimakon "ka" ko "ki". Sunan kira ma a bar wanda yaro ya saba, ko Hajiya ne, ko Inna, ko Malam.

Sauran abu ɗaya: kada babba ya yi jan biro a kan takardar, kada kuma ya kwafe ta da hannunsa. Ya rubuta gyaran a gefe, yarinya ta sake kwafa da manyan baƙaƙe a takarda mai layi, saboda idon tsoho. Idan kakan ajami yake karantawa, kuma yaron ya fara koyon rubutu a makarantar allo, malaminsa zai iya taimaka masa ya rubuta da ajami. Idan kuma wani ne zai karanta wa tsohuwa, uwa ta fara karanta wasiƙar da ƙarfi a gida. Duk jimlar da ta ji 'yarta ba za ta iya faɗa da bakinta ba, ta cire ta.