Kafa firam da rataya ƙofa

Kafa ƙofa aiki ne na magini da kafinta ko mai walda. A Wudil, jihar Kano, ana amfani da ƙofofin ƙarfe da na katako, kuma yawan cijewarsu daga karkacewar firam yake farawa.

Kafin a zuba siminti, ana tsayar da firam a tokare shi da katako, a duba miƙewarsa da igiya mai nauyi a ƙasa. Sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Firam mai faɗin santimita 90 da tsayin 210 zai ba da kusan santimita 228.5 kowane ɓangare. Idan awon ya bambanta, firam ya karkace.

Sai siminti ya kama ake rataya ƙyaure, a bar ratar kusan milimita 3 a sama da gefuna, domin katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu.

Ƙyauren da ke buɗewa da kansa alama ce firam ya jingina. Wanda samansa ke gugar firam ta wajen makulli kuwa, galibi hinjin sama ne ya saki.