Me Ya Sa Manhaja Ke Ƙin Bin Harshen Waya?

A ɗauki mai saye da sayarwa da ya sayi waya 'yar hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ya sa Hausa a matsayin harshen wayar, amma manhajar bankinsa ta ci gaba da yi masa Turanci. Ya biya kuɗin kaya ranar 3 ga Afrilu, sai ya ga an rubuta 04/03/2025, kamar dai 4 ga Maris ce. Wayar lafiyarta ƙalau. Abubuwa biyu ne suka haɗu masa.

Na farko, waya ba ta fassara manhaja da kanta. Masu ƙera manhaja ne ke zuba kalmomin kowane harshe a cikinta. A Android, na Hausa suna zama a wani kundi mai suna values-ha, na Faransanci a values-fr. Idan wayar ta nemi Hausa ba ta samu ba, sai ta duba harshe na biyu da mai ita ya jera, damar da aka samu tun Android 7 a 2016. In shi ma babu, sai manhajar ta koma harshenta na asali, wanda galibi Turanci ne. Wasu kuma ba sa ko kallon wayar: harshen da aka zaɓa a asusun mutum suke bi, ko ƙasar da suka ga ya shiga intanet daga gare ta.

Na biyu shi ne yanki, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi. Waya tana haɗa harshe da ƙasa wuri guda: en-NG Turancin Nijeriya ne, en-US na Amurka. Harshe ɗaya, amma Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, kuma ma'aunin zafinsu daban ne, shi ya sa ranar da Kano ta kai digiri 40 wayar za ta nuna 104. Wayar bawan Allahn nan ta taho da yankin Amurka, manhajar da ta rasa Hausa kuma ta bi shi.

A Maraɗi ma haka abin yake. Wayar da ke kan fr-NE tana rubuta 1 500,50 inda ta Kano ke rubuta 1,500.50. Siffar adadi kawai ke sauyawa. Yanki ba ya mayar da sefa naira.

Gyaran ba shi da wuya. Mai iPhone ya shiga Settings, sai General, sai Language & Region, ya zaɓi ƙasarsa. Mai Android ya sa English (Nigeria) a ƙarƙashin Hausa, ya cire na Amurka. Daga Android 13 na 2022 ana iya ba kowace manhaja harshenta daban, amma cikin waɗanda masu ita suka zuba kawai. Idan babu Hausa a jerin, sai mai karatu ya rubuta wa masu manhajar ya nemi su saka ta.