Kamarar Tsaro Ta San Awar Da Ake Cika Shago

Yawancin masu shaguna ba sa waiwayar hoton kamarar tsaro sai an yi sata ko an yi rigima a kan canji. Alhali na'urar ajiyar hoton, wadda masu sanyawa ke kira DVR ko NVR, tana riƙe da amsar tambayar da littafin ciniki ba ya iya amsawa: mutum nawa suka shigo a kowace awa, kuma nawa daga cikinsu suka fita hannu sake? Rasit yana ba da labarin wanda ya saya kawai. Wanda ya leƙo, ya ga layi, ya juya, ƙofa ce kaɗai ta gan shi.

Kafin a ƙirga kowa, agogon na'urar za a fara dubawa, domin nan ne aikin ya fi lalacewa. A tsaya gaban allo, a kwatanta lokacin da ke rubuce a kusurwar hoton da na wayar hannu. A cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda ke riƙe agogo idan an ɗauke wuta. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogo ya rikice, wasu na'urorin ma su koma wata tsohuwar shekara kamar 1970 ko 2000. Ko batirin yana da rai, agogon kan zame da mintoci cikin watanni. Tazarar minti ashirin ta isa ta ɗauke cunkoson da ke biyo bayan sallar La'asar ta jefa shi cikin awar da ba tasa ba. A canja batirin, kuma idan na'urar tana haɗe da intanet a kunna NTP don ta riƙa daidaita kanta. Sannan a duba layin lokaci da ke ƙasan shafin Playback: duk gurbin da babu launi, lokaci ne da ba a ɗauki komai ba, sau da yawa tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta. Irin wannan awar ba a rubuta mata sifili, ana rubuta cewa babu hoto.

Akwai kuma maganar kwanaki. Kamara huɗu da kowace ke aika megabit biyu a sakan suna cinye kusan gigabait 86 a yini, wato faifai mai terabait ɗaya zai cika cikin kwana goma sha ɗaya zuwa sha biyu, daga nan sabon hoto ya hau kan tsoho. Wanda ke son ƙirgar satin jiya kada ya bari sai wata mai zuwa.

Ƙirgar kanta ba ta da wuya. A zaɓi kamarar da ke kallon ƙofa, a ɗauki dokin ƙofa a matsayin layi, a yi ɗigo ɗaya a takarda duk lokacin da mutum ya ƙetare shi zuwa ciki. Masu fita ba a ƙirga su. Takardar a raba ta awa-awa. Idan aka ninka saurin hoton sau huɗu, yinin awa goma sha biyu zai ci awa uku. A sau takwas zai ci awa ɗaya da rabi, amma a lokacin cunkoso ido ba ya iya bi, dole a rage. Wasu kan ƙirga minti goma sha biyar kawai a kowace awa su ninka da huɗu. Wannan yana aiki a awar da jama'a ke shigowa a hankali, amma yana yaudara a awar da sallah ta raba biyu, inda rabin farko shago wayam yake, rabi na biyu kuma a cike.

Abin da ya fi wuya shi ne yanke hukunci a kan wane ne mai saye. Yaron shago da ke fita ɗauko kaya daga sito yana iya ƙetare ƙofa sau ashirin a yini. Ga mai kawo kaya, ga mai talla, ga almajiri, ga maƙwabcin da ya zo neman canjin dubu ɗaya. A rubuta doka tun farko, a ce ban da ma'aikata da masu kawo kaya da ƙananan yara da ke tare da manya, sannan duk wanda zai ƙirga ya bi ta. Doka mai rauni da ake bi kullum ta fi doka mai kyau da ake canjawa, domin abin nema shi ne kwatanta awa da awa.

Bari mu ƙaddara wani kantin kayan masarufi, da alƙaluman misali. Daga ƙarfe 10 zuwa 11 na safe mutum 40 suka shigo, aka buga rasit 30, wato uku cikin huɗu sun saya. Daga ƙarfe 5 zuwa 6 na yamma mutum 90 suka shigo, rasit 45, rabi ke nan. Mai shago zai yi saurin cewa da yamma yana asarar masu saye, ya ƙara mai karɓar kuɗi. Yana iya yin gaskiya, yana iya kuskure, kuma hoton ne zai raba gardama. A koma awar yamman, a wannan karon a ƙirga rukuni maimakon kawuna: miji da mata, ko abokai uku da suka shigo tare, rukuni ɗaya ne, rasit ɗaya za su karɓa. Idan mutum 90 ɗin suka zama rukuni 55, to rasit 45 na nufin kusan takwas cikin goma sun saya, babu wata matsala, jama'a ne kawai ke zuwa cefane tare da yamma. Idan kuwa suka zama rukuni 80, sai a buɗe kamarar da ke kan teburin kuɗi. Layin mutum shida ko bakwai, da masu ajiye kaya su fice cikin minti ɗaya ko biyu da shigowarsu, su ne shaidar cewa albashin ƙarin ma'aikaci na awa biyu zai biya kansa.

Yini ɗaya ba ya isa hujja. Juma'a ba ta kama da Talata, ƙarshen wata ba ya kama da tsakiyarsa, kuma watan azumi yana tura ciniki zuwa gab da shan ruwa da bayan asham. A ƙirga aƙalla sati biyu, a kwatanta kowace rana da takwararta.

Na'urori da yawa suna iya zana layin da kansu. A na Hikvision ana kiran wannan Line Crossing Detection, a na Dahua kuma Tripwire. An yi su ne don ƙararrawar tsaro, saboda haka abin da suke rubutawa shi ne sau nawa aka ƙetare layi, ba mutum nawa ba. Kamarar da aka kafa a gefe takan ga mutum biyu da suka jeru kamar ɗaya, inuwar yamma ko labulen ƙofa na iya tayar da ita, hasken rana daga waje kuma yana mai da mutane baƙaƙen siffofi. Shi ya sa kamarorin da aka ƙera don ƙirga ake rataye su a saman ƙofa suna kallon ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙirga awa ɗaya mai sanyi da ɗaya mai cunkoso da hannu, a kwatanta da na na'ura. Idan ta rage kashi biyar cikin ɗari da safe amma kashi ashirin da biyar da yamma, to tana ɓoye ainihin cunkoson da ake son ganowa.

Ƙirga ba ta buƙatar sanin fuskar kowa. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi hoton da za a iya gane mutum a cikinsa, don haka a liƙa sanarwa a ƙofa cewa akwai kamara, takardar ƙirga ta ɗauki lambobi zalla, hoton kuma ya tsaya a na'urarsa, kada ya koma wayar yaron shago.